Takardar Miƙa Aiki: Yadda Mai Kanti Zai Riƙa Sabunta Shafinsa na Intanet da Kansa

Takardar miƙa aiki ita ce rubutaccen bayanin da wanda ya gina shafin intanet na kanti yake bar wa mai kantin idan aikin ginin ya ƙare. A cikinta ake nuna yadda za a sa sabon kaya, a canza farashi, a ɗora hoto, a gyara rubutun feji, ba tare da an sake neman maginin ba. Ƙananan kantunan intanet da yawa da manhajar WordPress ake gina su, wadda ta fito a 2003, sai a ɗora mata WooCommerce, wadda ta fito a 2011, ita ce ke kula da kaya da farashi da odar masu saye. Bayanin da ke tafe a kan waɗannan biyun yake, kuma misalin da za a bi shi ne na kantin shadda irin waɗanda ake samu a Kantin Kwari a Kano. Rubutun da ke kan allon yawanci da Turanci yake, don haka dole takardar ta kawo sunan kowane maɓalli yadda yake a rubuce, ko da sauran bayanin duk da Hausa ne.

Mabuɗan da ake karɓa tun kafin magini ya tafi

Abu na farko da takardar za ta ƙunsa shi ne mallaka. Kantin intanet yana tsaye ne a kan abubuwa uku da ake biya ko ake buɗewa da sunan wani: adireshin shafin, wurin da kamfani ke ajiye fayilolinsa, da asusun karɓar kuɗi kamar Paystack ko Flutterwave. Adireshi haya ake yi, yawanci ta shekara guda. Masu ƙarewa da .ng ko .com.ng suna ƙarƙashin hukumar NiRA, amma ta hannun kamfanonin rajista ake saya. Matsalar da ta fi yawa ita ce magini ya yi rajistar komai da imel ɗinsa don sauƙin aiki. Idan shekara ta zagayo, saƙon tuni shi zai je wa, mai kanti kuwa sai dai ya wayi gari shafin ba ya buɗuwa. Saboda haka takardar za ta faɗi sunan kamfanin da kowane abu yake, imel ɗin da aka yi rajista da shi, ranar da biyan zai ƙare, da kuɗin da aka biya a baya. Ya kamata imel ɗin ya zama na mai kanti, kuma a gwada shiga a gaban maginin kafin a sallame shi. Kalmomin sirri ba a rubuta su cikin takardar, domin takarda ce da yaran kanti ma za su riƙa dubawa. Ana ajiye su daban, kuma a canza su ranar da aka karɓi aiki.

Ana shiga ɗakin sarrafa shafin ne ta hanyar ƙara /wp-admin a ƙarshen adireshin. WordPress na raba masu shiga matsayi-matsayi, kuma biyu ne suka shafi mai kanti. Administrator yana iya komai, har da abin da zai rushe shafin gaba ɗaya. Shop manager, wanda WooCommerce ke ƙarawa, yana iya sa kaya, duba oda, ɗora hoto da gyara feji, amma ba zai iya girka ko goge manhajojin da ke ƙarƙashin Plugins ba. Tsarin da ya fi dacewa shi ne mai kanti ya mallaki duka biyun: aikin yau da kullum da Shop manager, babban asusun kuma a ajiye shi sai da dalili. Duk yaron da zai taɓa shafin a buɗe masa asusunsa na kansa, ta yadda idan ya bar aiki asusunsa kawai za a rufe.

Sa kaya: misalin shadda

A gefen hagu na allo akwai Products. A nan duk kayan kanti suke jere, kuma a nan ake ƙara sabo. Hanya mafi sauƙi ga wanda bai saba ba ita ce kada ya fara daga fanko. Idan ya kai manuni kan wani kaya da magini ya riga ya tsara da kyau, zai ga Duplicate a ƙarƙashinsa. Danna shi na samar da kwafi wanda ba ya bayyana ga masu saye tukuna, sai a canza suna da farashi da hoto. Magini mai lura yakan bar samfuri guda na kowane irin kaya domin wannan.

A tsakiyar fejin kaya akwai akwatin Product data, kuma tambayar farko da yake yi ita ce irin kayan. Simple product na abin da ba shi da zaɓi ne, kamar hula ƙwaya ɗaya mai farashi ɗaya. Ana rubuta kuɗinsa a Regular price. Idan za a yi rangwame, ba a taɓa wannan gurbin, ana sa sabon kuɗin a Sale price, sai shafin ya nuna tsohon farashi a soke da sabon a gefensa. Kusa da shi akwai Schedule, inda ake sa ranar farawa da ta ƙarewa. Mai rangwamen Sallah da bai sa ranar ƙarewa ba yana iya kaiwa wata biyu yana sayarwa da araha bai ankara ba.

Yadda ake rubuta lambar kuɗi na buƙatar layi na kansa a takardar. Naira dubu ashirin da biyar ana rubuta ta 25000, babu waƙafi, babu ɗigo, babu alamar naira. A shafin da aka saita ɗigo ya zama mai raba naira da kwabo, wanda ya rubuta 25.000 ya sa wa kayansa farashin naira ashirin da biyar ke nan, kuma manhajar ba za ta yi gardama ba, tunda a wurinta lamba ce daidai. Waɗanda suka saba da rubutun lissafi irin na Faransanci, kamar a Maraɗi ko Damagaram, su suka fi faɗa wa wannan kuskuren.

Shadda kuwa tana da zaɓi, don haka Variable product ce. A ɗauka kantin ya kawo shadda iri ɗaya mai launi uku, fari da ruwan toka da ruwan goro, kuma yana sayar da ita yadi biyar ko yadi goma. Ana buɗe Attributes a ƙirƙiri siffa biyu. Ta farko a kira ta Launi, ta biyu Tsawo, a raba zaɓuɓɓukan da tsayayyen layi kamar haka:

```
Fari | Ruwan toka | Ruwan goro
Yadi 5 | Yadi 10
```

A ƙarƙashin kowace siffa dole alamar Used for variations ta kasance a kunne, sannan a adana. Daga nan sai a koma Variations a danna Generate variations. Launi uku sau tsawo biyu zai ba da haɗi shida, kuma kowane haɗi yana da gurbin farashinsa, adadinsa da hotonsa. Idan, a misali, yadi biyar naira 40000 ne, yadi goma kuma 78000, sai an buɗe shidan ɗaya bayan ɗaya an rubuta. Haɗin da aka bari babu farashi ba ya sayuwa. Mai saye zai nemi ruwan goro yadi goma ya rasa, alhali kayan na nan jibge a kanti. Duk lokacin da wani zaɓi ya ɓace daga shafi, gurbin farashin haɗin nan ne wurin da ake fara dubawa.

Akwai wata iyaka da ya kamata magini ya faɗa a fili. WooCommerce ba ta san cewa yadi biyar da yadi goma daga bandir ɗaya ake yanko su ba. A wurinta kaya biyu ne daban, kowanne da ƙidayarsa. Idan farar shaddar yadi hamsin ce a kanti, aka rubuta adadi 10 a yadi biyar, aka kuma rubuta 5 a yadi goma, to an yi wa masu saye alkawarin yadi ɗari. Mafita ita ce a raba hamsin ɗin tun farko, misali shida na yadi biyar da biyu na yadi goma, wanda ya kama talatin da ashirin. Idan ɗaya ya ƙare sai a sake rabon da hannu.

Ƙidayar kaya tana ƙarƙashin Inventory ga kaya marasa zaɓi, ko cikin kowane haɗi ga masu zaɓi. Idan aka kunna bin adadi, shafin na rage ɗaya duk lokacin da aka saya, kuma idan ya kai sifili sai ya rubuta Out of stock da kansa. Amma cinikin da aka yi ido da ido a kanti shafin bai san da shi ba. Kantin da ke sayarwa a kasuwa da intanet daga kaya ɗaya dole ya ware lokaci, ko da bayan rufewa da yamma ne, a rage abin da ya fita. Quick Edit, wanda ke bayyana a jerin kaya, ya isa wannan aikin ga kaya marasa zaɓi. Masu zaɓi sai an buɗe su. Haka nan odar da mai saye ya zaɓi biya ta tura kuɗi a banki tana zama On hold, kuma an riga an cire kayanta daga ƙidaya. Idan kuɗin bai shigo ba sai a mayar da ita Cancelled, kayan su dawo cikin lissafi. Barin irin waɗannan oda su taru yana sa shafi ya ce kaya sun ƙare alhali ba wanda ya biya.

Kayan da ya ƙare ba a goge shi. Adireshinsa na iya kasancewa yana yawo a WhatsApp da Instagram, kuma wanda ya danna bayan an goge zai tarar da feji mai cewa ba a sami komai ba. A bar shi a Out of stock idan zai dawo. Idan ba a so masu saye su riƙa ganin ƙararrun kaya a jeri, akwai zaɓin Hide out of stock items from the catalog a cikin saitin WooCommerce.

Hotuna

Kowane kaya yana da gurbin hoto biyu a gefen dama. Product image shi ne babban hoton da ke fitowa a jerin kanti. Product gallery na ƙarin hotuna ne, kamar na kusa da ke nuna saƙar yadin da ƙyallinsa. A kaya masu zaɓi, kowane haɗi yana da ɗan gurbin hotonsa, kuma idan aka cika shi, hoton na canzawa da zarar mai saye ya zaɓi launi.

Wayar da ke da kyamara mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai kimanin fiksel 4000 a faɗi da 3000 a tsawo, nauyinsa yakan kai megabait uku zuwa biyar. Shafi ba ya buƙatar ko rabin wannan. Tun daga WordPress 5.3 na shekarar 2019, manhajar na rage duk hoton da ya wuce fiksel 2560 da kanta, tana kuma yanka ƙananan kwafi don jerin kaya, amma asalin hoton na nan yana cin wuri a ma'ajiya. Hoto dubu mai megabait huɗu-huɗu ya kama gigabait huɗu, ban da kwafin da aka yanka. Ga kuma wahalar ɗorawa idan sabis ya yi rauni, inda babban fayil ke yankewa a tsakiya. Abin da ya wadatar shi ne a rage hoton zuwa fiksel 1200 kowane gefe kafin ɗorawa, a adana shi a JPEG ko WebP, wanda WordPress ke karɓa tun 2021. Irin wannan yakan tsaya a kilobait ɗari biyu zuwa ɗari uku. Shafin Squoosh na yin wannan aikin kyauta a cikin burauza, ko a waya.

Siffar hoton ta fi nauyinsa tasiri a ido. A tsarinta na asali WooCommerce na yanka hotunan jeri su zama murabba'i, faɗi da tsawo daidai. Wanda ya ɗora doguwar hoton riga zai ga an sare wuyan da ƙasan, tsakiya kawai ta rage. Wasu maginan sukan canza tsarin zuwa tsaye, musamman a kantin tufafi. Don haka takardar za ta faɗi siffar da wannan shafin ke amfani da ita da ainihin lambobinta, domin a ɗauki hoto da ita tun a waya, a bar ɗan fili a kewayen kayan.

Ga mai sayar da yadi, launi shi ne inda rigima da masu saye ke tasowa. Ƙwan lantarki mai ɗan ja-ja yana mayar da farar shadda ruwan madara, hasken filashin waya kuma yana sa ƙyallinta ya haske zanen ya ɓace. Hoton da aka ɗauka a inuwa da hasken rana, a kan shimfiɗa iri ɗaya kullum, ya fi kusa da gaskiya. Hoton da dila ya turo ta WhatsApp an riga an matse shi, sai dai in ya turo shi a matsayin Document, don haka gara a ɗauki na kai. Kafin ɗorawa a canza wa fayil suna daga irin IMG_2041.jpg zuwa shadda-ruwan-goro.jpg, saboda wata shida nan gaba da suna za a neme shi cikin ɗaruruwa. Gurbin Alt text kuma jimla guda yake buƙata mai bayyana abin da ke hoton. Ita manhajar makafi ke karantawa, Google ma na amfani da ita.

Duk hoton da aka ɗora yana zama a Media, kuma a nan haɗari yake. Kaya ko fejin da aka goge yana zuwa Trash ya zauna kwana 30 kafin ya ɓace, ana iya dawo da shi. Hoto ba shi da wannan rangwamen a tsarin asali: maɓallinsa Delete permanently ne, kuma abin da ya faɗa shi yake yi. Hoto ɗaya na iya kasancewa a kaya uku da fejin farko, gogewa ɗaya ta bar gurbi huɗu fanko. Idan ana son canza hoton kaya, a cire shi daga gurbin kayan a sa sabo, a ƙyale tsohon a Media.

Gyaran feji

Fejoji suna ƙarƙashin Pages, kuma kashi biyu ne. Akwai na rubutu, kamar bayanin kanti, hanyar tuntuɓa, sharuɗɗan aika kaya da na mayar da su. Waɗannan na mai kanti ne ya gyara yadda ya so. Tun WordPress 5.0 a ƙarshen 2018, feji na zuwa ne tubali-tubali: sakin layi daban, hoto daban, maɓalli daban. Ana danna wanda ake so a gyara, a yi rubutu, a duba da Preview, sannan a danna Update ko Save, gwargwadon zubin manhajar. Idan magini ya yi amfani da Elementor wajen tsara fejin, to ta Edit with Elementor ake shiga. Gyara irin wannan fejin da editan WordPress na yau da kullum na iya wargaza tsarinsa, shi ya sa takardar za ta lissafa kowane feji da ƙofar da ake shiga masa.

Fejin rubutu yana da sauƙin ceto. Revisions na ajiye tsofaffin zubinsa, ana iya komawa na jiya da dannawa ɗaya. Farashi da adadin kaya ba su da wannan tarihin. Wanda ya goge farashi ya adana, tsohon ya tafi. Saboda haka kafin babban canjin farashi, kamar idan dala ta motsa aka tashi taɓa kaya ɗari, a danna Export a saman Products a sauke fayil ɗin CSV mai ɗauke da duk kaya da kuɗinsu. Minti biyu yake ci.

Kashi na biyu su ne fejojin da injin kanti ke aiki da su: Shop, Cart, Checkout da My account. Wanda ya buɗe su zai ga kamar babu komai a ciki. Shop yakan zama fanko gaba ɗaya, Checkout kuma a tsofaffin shafuka layi ɗaya ne kacal:

```
[woocommerce_checkout]
```

Wannan layin shi ke kiran duk fom ɗin biya. A sababbin shafuka tubali ne na musamman maimakonsa. Ko wanne ne, goge shi na nufin masu saye za su cika kwando su rasa inda za su biya, kuma shafin ba zai sanar da kowa ba, ciniki ne kawai zai tsaya. Sunayen waɗannan huɗun suna cikin jerin abubuwan da ba a taɓawa. A jerin har da ƙarshen adireshin kowane feji, wanda ake kira Slug. Ana iya canza taken feji, amma canza wannan na kashe duk mahaɗan da aka riga aka raba wa mutane.

Wasu bayanan ba a cikin feji suke ba. Lambar waya da adireshin kanti da ke saman shafi ko ƙasansa, da jerin sunayen da ake dannawa, galibi suna ƙarƙashin Appearance, kuma wurinsu ya bambanta daga shafi zuwa shafi. Lambar waya ɗaya na iya zama a wuri huɗu: sama, ƙasa, fejin tuntuɓa da maɓallin WhatsApp. Magini ne kaɗai ya san duk inda ya sa ta, don haka ya rubuta su, da hoton allo na kowane wuri.

Idan gyara bai bayyana ba

An canza farashi, an adana, amma abokin ciniki ya ce tsohon yake gani. Yawanci ba a yi kuskure ba. Shafuka da yawa suna ajiye shiryayyen kwafin kowane feji don saurin buɗewa, sai su ci gaba da miƙa tsohon na ɗan lokaci. Wanda ya shiga da asusunsa sau da yawa sabon yake gani, shi ya sa mai kanti da mai saye ke ganin abu biyu daban. Gwajin shi ne a buɗe shafin a wata wayar da ba a taɓa shiga asusu da ita ba, ko a tagar Incognito. Idan tsohon ya fito, a nemi maɓallin share kwafin a baƙin layin da ke saman allo. Sunansa ya danganta da manhajar da aka sa: a LiteSpeed Cache, misali, Purge All ne. Idan sabon kaya ne bai fito ba sam, a duba ko yana Draft ba a danna Publish ba, ko ba a sa shi cikin rukunin da ya dace a Product categories ba.

Inda aikin mai kanti ya tsaya

Jajayen lambobi za su riƙa bayyana kusa da Updates da Plugins, suna nuna akwai sababbin zubi. Barin su shekara guda na buɗe ƙofa ga masu kutse, danna su ba shiri kuma na iya sa manhajoji biyu su saɓa, shafin ya koma farin allo da saƙon kuskure. Takardar za ta faɗi wanda wannan aikin ke wuyansa. Idan mai kanti ne, to sai ya fara ɗaukar kwafin ajiya na shafin gaba ɗaya, da manhaja irin UpdraftPlus ko ta wurin kamfanin da ke ajiye shafin, kuma kwafin ya tafi wani wuri daban kamar Google Drive. Sannan ya sabunta ɗaya bayan ɗaya a lokacin da ciniki ya lafa, ya kuma gwada sayen wani ƙaramin kaya har zuwa biya. Maido da shafi daga kwafin ajiya abu ne da ya kamata magini ya yi sau ɗaya a gaban mai kanti kafin ya tafi, domin a tabbatar kwafin yana aiki.

Saitin biyan kuɗi, kuɗin aika kaya, haraji, Permalinks da duk abin da ya shafi rubutun lambobin manhaja suna cikin abubuwan da ake kiran ƙwararre a kansu. A ranar miƙa aiki a tabbatar an kashe Test mode a saitin Paystack ko Flutterwave, domin idan yana kunne kuɗin gaske ba sa shigowa. Hanyar gwada takardar kanta ita ce mai kanti ya zauna da ita ya sa kaya ɗaya mai zaɓi, ya canza hoto ɗaya, ya gyara layi ɗaya a feji, magini na gefe bai ce uffan ba. Duk inda ya tsaya yana neman maɓalli, a nan ake ƙara bayani ko hoton allo. A saman takardar a rubuta ranar da aka shirya ta da lambar zubin WordPress da WooCommerce na wannan ranar, saboda sunayen maɓallai na ɗan canzawa daga zubi zuwa zubi.